Talata: ranar da na kai Kawu wankin ƙafa

Yau ba ni da aiki, amma a asibiti na wuni. Tun ana fitowa daga sallar asuba Inna ta kira ni, ta ce ƙafar Kawu ta hana shi barci, ya kwana a zaune bakin gado da ƙafar a ƙasa. Da na ji ta ce a zaune, gabana ya faɗi. Shekara tara ina wanke wa mutane gyambo, na san mai ciwon suga da ba ya iya miƙe ƙafa a kan katifa sai ya sauke ta ƙasa sannan ya sami sauƙi, jini ne ba ya isa ƙafar.

Na same shi a Fagge wajen ƙarfe bakwai, ga hazo ga sanyi. Ciwon a gefen babban ɗan yatsan ƙafar dama yake. Takalmi sau-ciki da ya saka wajen ɗaurin aure ne ya goge shi, yau sati bakwai ke nan, kuma bai ji komai ba sai da ya ga jini a safa. Tun lokacin nake zuwa ina wanke masa, ina aunawa ina rubutawa. Ranar farko santimita 2 ne a tsawo, 1.5 a faɗi. Yau ma haka. A wajen aikinmu, idan gyambon mai suga ya yi sati huɗu ana kula da shi bai ragu da rabi ba, to akwai abin da ke riƙe shi. Ni kuwa na yi ta ɗora laifin a kan tuwo da shayi mai suga.

A cikin adaidaita sahu na gane inda na yi sake. Muna matse da juna a baya, ya sa hannu a aljihu zai ciro canji, sai ga ashana ta faɗo. Kawu tela ne, ba ya girki, ba ya kunna fitila. Bara ya ce wa kowa ya bar taba, har aka yi ta sa masa albarka. Na ɗauki ashanar na miƙa masa, ban ce uffan ba, shi ma ya kau da kai yana kallon titi. Ɗan ƙanwarsa nake, ba zan titsiye shi a gaban direba ba.

Likitar da ta gan mu ba ta da irin wannan nauyin bakin. Kafin ta buɗe bandeji ta kalli leɓensa da yatsun hannunsa ta ce, "Baba, kara nawa a rana?" Ya yi ɗan murmushi ya ce yana ɗan taɓawa ne idan ɗinki ya yi yawa. Ta sake tambaya. Ya ce goma, wata rana sha biyu. Sannan ya faɗi maganar da na sha ji daga bakin dattawa: "Ai likita, taba ƙirji take ci. Ni ko tari ba na yi. Ina ruwanta da ƙafa?"

Ba ta yi musu da shi ba. Ta ce ya taɓa ƙafar hagu da bayan hannunsa, ya taɓa ta dama. Da kansa ya ce ta dama ta fi sanyi. Ta nuna masa fatar ƙwaurin, ta yi sulɓi tana ƙyalli, gashin wurin duk ya zube. Ta danna farcen ɗan yatsa ya yi fari, ta saki, muka ƙirga tare. A ƙafa mai lafiya launin yana komawa cikin daƙiƙa biyu ko uku. Na Kawu sai da muka kai biyar. Ta nemi bugun jini a bayan ƙafa da kuma bayan idon sawu, da ƙyar ta ji wani abu. Daga nan ta auna ƙarfin jini a dantse, ya ba da 140, ta auna a idon sawu da ƙaramar na'urar da ke jiyo motsin jini, ya ba da 98. Idan aka raba 98 da 140 ana samun 0.7. Mai lafiya yana kusa da 1, kuma duk abin da ya gaza 0.9 yana nufin hanyoyin jinin ƙafa sun tsuke. Ta tambaye shi ko sha-raɓarsa tana ƙullewa in yana tafiya. Ya ce daga shago zuwa masallaci sai ya tsaya sau ɗaya, ya ɗauka tsufa ne.

Bayanin da ta yi masa ya fi wanda nake yi wa marasa lafiyata, shi ya sa nake rubuta shi kafin in manta. Ta ce suga mai yawa ya daɗe yana lalata cikin hanyoyin jininsa, sun yi kauri, ƙofarsu ta ragu. Wannan ɓarna ce ta shekaru. Nikotin ɗin da ke cikin taba kuma, duk lokacin da ya shiga jiki, yana sa ƙananan hanyoyin jini su matse nan take, kamar an taka tiyon ruwa da dama can a toshe yake. Kara ɗaya yana iya rage jini da iskar oksijin da ke isa fata har kusan awa guda. Sai ta ce ya yi lissafi da kansa: kara sha biyu, kowanne kusan awa ɗaya, daga safe zuwa dare yaushe ƙafar take samun jininta? Kawu ya yi shiru, na ga yana ƙirgawa da yatsu a kan gwiwarsa.

Hayaƙin ma da nasa aikin daban. Akwai iskar da ake kira kabon monoksaid a cikinsa, irin wadda ke kashe mutane idan sun kwana da gawayi ko janareto a ɗaki rufe. Tana manne wa jan jini fiye da yadda oksijin ke mannewa, ninki fiye da ɗari biyu, ta tare masa wuri. Wato ɗan jinin da ya samu ya kutsa zuwa yatsan ma bai ɗauko cikakken kaya ba. Ciwo kuwa da oksijin yake haɗa sabon nama, da shi fararen ƙwayoyin jini suke kashe ƙwayoyin cuta. Hatta maganin da na sa ya sha har zagaye biyu, a cikin jini yake tafiya, inda jini bai isa ba shi ma bai isa ba. Nan na ji kunya ta kama ni. Sati bakwai ina wanke saman ciwo, abin yana can ƙasa.

Da aka kawo sakamakon jini sai magana ta koma kan suga. A takardar an rubuta HbA1c 9.2, gwajin da ke nuna yadda suga ya zauna a jiki cikin kusan wata uku. Yawancin manya ana so su kasance ƙasa da 7. Kawu ya ce wallahi yana shan maganin sugansa, metfomin, safe da dare, kuma na yarda, domin Inna ce ke ba shi da hannunta. Likitar ta ce nikotin yana tayar da sinadaran da jiki ke fitarwa lokacin firgita, irin su adirenalin. Su kuma suna umartar hanta ta zubo sugan da ta ajiye, suna kuma sa jiki ya ƙi jin maganar insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini. Don haka mutum biyu za su ci tuwo ɗaya, su sha magani ɗaya, mai shan tabar ya wayi gari da suga sama da na ɗan'uwansa, a yi ta ƙara masa magani. Ko wanda ba shi da ciwon, shan taba yana ƙara masa haɗarin kamuwa da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Na tuna littafin da nake rubuta masa gwajin safe: 180, 195, 210. Sau nawa na yi wa Inna faɗa a kan yawan shinkafa, baiwar Allah tana rantsuwa cewa ludayi biyu take zuba masa.

Kawu ya tambaya ko zai iya komawa tabar gari, wadda ake sakawa a baki, tunda babu hayaƙi. Ta ce nikotin ɗin yana nan, matsewar hanyar jini tana nan. Ni na ƙara da shisha, saboda ɗansa na tsaye a bakin ƙofa yana jinmu kuma na san inda yake zuwa da daddare. Ruwan da ke cikin tulun ba ya wanke nikotin, gawayin da ke kai kuma ƙarin kabon monoksaid ne.

Ba ta yi masa alƙawarin ƙarya ba. Ta ce hanyar da ta riga ta tsuke ba za ta buɗe don ya bar taba ba, shi ya sa ta rubuta masa hoton hanyoyin jinin ƙafa da ganin likitan fiɗa cikin satin nan, ta kuma ƙara magungunan kare hanyoyin jini. Amma matsewar da kowane kara ke jawowa tana tsayawa da kara na ƙarshe, iskar gubar tana fita daga jini cikin kwana ɗaya, gudun jini kuma yana gyaruwa cikin makonni. Ko aiki za a yi masa, likitocin fiɗa sun fi son mutum ya yi sati huɗu bai sha ba, domin ɗinkin ya kama.

Sai ta juyo gare ni, tunda ni zan riƙa duba shi. Kwana ukun farko su ne masu wuya: ƙunci, ciwon kai, rashin barci, yunwa. Wasu daga cikin waɗannan suna kama da faɗuwar suga, kuma a nan ake yin kuskure, mutum ya ji jikinsa ba daidai ba ya sha lemon kwalba. Ta ce a gwada tukuna. In na'ura ta nuna ƙasa da 70 a ba shi abu mai zaƙi, in ba haka ba kewar taba ce, ya sha ruwa ya jira, takan lafa cikin 'yan mintoci. Baki zai buɗe da cin abinci, zai iya ƙara ƙiba, sugan ma zai iya ɗan hawa a watannin farko, kada ya ce barin tabar ce ta cuce shi ya koma. Kada kuma ya maye gurbinta da alewa da dabino. In abin ya gagara akwai maganin da ake mannawa a fata mai ɗan nikotin, ya fi hayaƙi sauƙin illa nesa ba kusa ba, amma ita za ta tsara masa.

Ta yanke mataccen naman da ke gefen ciwon, Kawu ko motsi bai yi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta hana shi taka keken ɗinki da ƙafar, ta hana gasa ta a bakin wuta saboda sanyi, ta ce in yatsan ya fara baƙi, ko ja ya haura, ko wari ko zazzaɓi, a kawo shi ko da tsakar dare ne.

A hanyar komawa muka tsaya a cunkoso, sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Kada ka gaya wa Innarka." Na ce, "Kawu, ita ke wanke maka kaya." Ya yi dariya har da tari, shi da ba ya tari. Da muka sauka ya zaro kwalin daga aljihun ciki ya danƙa mini, saura kara bakwai. Ashanar ya riƙe abarsa. Na san akwai mai tebur a bakin layinsu, kuma yana ba shi bashi.

Kwalin yana nan kan teburina. Jibi Alhamis da safe za a yi hoton ƙafar, ni zan kai shi, sai in nemi wanda zai riƙe mini aikin safe.