Ƙullun ne ke gaya mini ko mai ya yi zafi

Ban taɓa sa ma'aunin zafi a kaskon ƙosai ba. Masu aunawa sun ce zafin da ake so yana tsakanin digiri 170 zuwa 180, amma ni abin da nake dogara da shi ɗigon ƙullu ne, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, wanda nake saki a tsakiyar mai kafin in fara zuba ƙosan.

Idan na ɗiga shi ya nutse ya kwanta a gindin kasko shiru, ko ya manne, to man bai yi ba. Duk ƙosan da aka zuba a wannan lokacin mai zai sha, ya fito a saɓe da nauyi, ka matsa shi mai yana tsiyaya. Idan kuwa bai ko nutse ba, ya tsaya a sama yana tsartsatsi har ya yi ja nan take, zafin ya wuce kima. Irin wannan man ne ke ba ka ƙosai mai kyan baya, ka ɓara ka tarar da ɗanyen ƙullu a ciki yana warin wake. Wanda nake nema yana tsakani: ɗigon ya ɗan nutse, kafin in ƙirga uku ya taso da kansa, ƙananan kumfa sun kewaye shi, yana "cuu" a hankali, kuma launinsa bai sauya ba tukuna. Da na ga haka sai in ɗauki cokali.

Akwai abin da mutane da yawa ba sa lura da shi, kuma shi ne ya fi damuna. Wannan gwaji ba ya faɗin gaskiya sai ƙullun ya bugu. Ƙosai yana tashi ne saboda iskar da aka shigar masa wajen bugu da muciya ko maburgi. Ƙullun da bai bugu ba, ko wanda ruwa ya yi masa yawa, zai nutse ko ya watse komai zafin man. Wata safiya ina suya da ƙanwata, ta ɗiga ƙullu ya kwanta a ƙasa, ta ce, "Yaya, a ƙara wuta." Na ce ta dakata. Kumfa na tashi da ƙarfi daga inda ɗigon yake, kuma da na ciro shi da matsami gefensa ya riga ya yi ja. Man da bai yi zafi ba ba ya haka. Fari fat ɗigon zai fito. Muka ƙara bugun ƙullun har ya yi fari ya kumbura, muka sake ɗigawa a man nan ba tare da an taɓa wutar ba, sai ga shi ya taso. Da mun ƙara wuta, da mun ƙona kaskon farko. Shi ya sa yanzu nake fara ɗiga ƙullun a kofin ruwa: in ya yi yawo a sama ya bugu, duk abin da na gani a mai kuma daga zafi ne.

Wasu na tsoma bakin busasshiyar muciya su ga ko kumfa zai fito, wasu na jefa yankan albasa. Suna nuna cewa mai ya ɗau zafi, amma ba sa bambance daidai da wuce kima sosai. Albasar dai ina son ta a sabon man gyaɗa, don tana kashe masa gafi. Yayyafa ruwa kuwa ba na yi, ba kuma na barin a yi kusa da ni, domin man fallatsa yake ya ƙona mutum. Hayaƙi ma ba alamar a fara ba ce. In ya tashi, sauke kaskon ko janye itace, a bari ya huce.

Gwaji ɗaya ba ya isar suya duka. Kowane cokali na ƙullu yana rage zafin man, saboda haka ba na cika kasko, ina barin wurin da ƙosan zai juya. Da na kwashe, man da ya rage shi kaɗai a kan wuta sai ya yi saurin hawa, musamman a kan gawayi ko itace da ba a iya murɗa su kamar gas. Nakan tsame ɓurɓushin da ya saura, don shi ke ƙonewa ya baƙanta mai har ƙosai ya yi duhu tun bai nuna ba, sannan in sake ɗiga ƙullu kafin zubi na gaba. Ƙosan farko na kowane kasko nakan ɓara shi in duba: in cikinsa ya bushe da ƙananan ramuka, na ci gaba, in da danshi a tsakiya, na rage wuta kuma na rage girman cokalin.