Yadda na ajiye aikin akanta da imel na Faransanci

Shekara shida ina riƙe da littattafan kuɗi na wani kamfanin sayar da kayan gini a Maraɗi, sai na samu aiki mafi tsoka a Yamai. Kwangilata ta ce sai na ba da wa'adin wata ɗaya kafin in tafi. In na fita ba tare da shi ba, ni zan biya kamfanin albashin watan. Sabon wurin kuma suna jirana ranar 1 ga Afrilu.

Rubutun farko na imel ɗin murabus na buɗe shi da "je souhaite démissionner", wato "ina fatan in yi murabus". Wata abokiyar aikina ta karanta ta ce, "Malam, wannan ai fata kake yi, ba ka yanke ba." Gaskiyarta, domin mai gida yana iya ɗaukarsa a matsayin neman ƙarin albashi. Na goge shi, na goge kuma dogon bayanin da na yi kan sabon aikin, tunda ba dole ba ne mai murabus ya faɗi dalili. Ga abin da ya rage, inda na sanar da darakta na yanke shawarar ajiye aikin, zan cika wa'adin wata ɗaya, kuma ya tabbatar mini saƙon ya iso:

"Monsieur le Directeur, je vous informe de ma décision de démissionner de mon poste de comptable. Je respecterai le préavis d'un mois prévu par mon contrat. Merci de bien vouloir accuser réception."

A ƙasa na nemi a shirya mini takardar shaidar aiki da lissafin sauran haƙƙina, har da kuɗin hutun da ban ci ba, sannan gaisuwar rufewa irin ta ofis.

Inda na yi tuntuɓe shi ne lokacin aikawa. Na tura ranar Juma'a 28 ga Fabrairu da yamma, bayan kowa ya tashi, don ina jin nauyin haɗa ido da darakta. Bai buɗe ba sai Litinin 3 ga Maris, ya ce daga ranar da saƙo ya iso hannunsa ake ƙirgawa. Ba ni da abin da zan nuna, kuma ban rubuta ranar ƙarshe a cikin imel ɗin ba. Safiyar wannan Litinin na buga shi a takarda, ya sa hannu da kwanan wata, na riƙe kwafi. Dole na kira Yamai na roƙi su ɗaga mini kwana uku.

Watan bai zo da sauƙi ba, don ƙa'idar OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, ta ce a kammala bayanan kuɗin shekara cikin wata huɗu da rufe ta, wato ƙarshen Afrilu. Na daidaita asusun banki har zuwa 31 ga Maris, na jera basussukan da ake bin mu da waɗanda muke bi, na ƙirga kuɗin akwati a gaban wanda ya gaje ni, muka sa hannu mu biyu kafin in miƙa masa makulli.