Yadda na tantance mai gaskiya tsakanin ɗaliba da takardar amsoshi

Ina koyar da lissafi a ajin ƙarshe na babbar sakandare, kuma kowace shekara, kafin yaranmu su zauna jarrabawar WAEC da NECO, mukan yi musu jarrabawar gwaji wadda kwamitin malamai daga makarantu da dama yake shiryawa. Tambayoyin suna zuwa tare da takardar amsoshi, wadda take nuna amsar kowace tambaya da yadda za a raba maki: M1 ga wanda ya bi hanya daidai, A1 ga wanda ya kai ga amsa daidai. Wannan takarda ita ce abin dogaron mai duba jarrabawa, kuma ina girmama ta, domin sau da yawa idan ta saɓa da ɗalibi, ɗalibin ne ya kauce. Sai dai mutane ne suka rubuta ta, kuma wata rana na ci karo da inda ta kuskure.

Tambayar ita ce a nemo x a cikin √(x + 7) = x − 5. Takardar amsoshi ta ce x = 2 ko x = 9. Wata ɗaliba ta yi aikinta har ta samo lambobin biyu, sannan ta soke 2 ta bar 9 kaɗai, ta rubuta a gefe cewa 2 ba ta shiga. Bisa ga takardar, makin ƙarshe ya kuɓuce mata ke nan.

Abin da na fara yi shi ne kife takardar amsoshi da ta yarinyar duka, na ɗauki farar takarda na warware tambayar da kaina. Wannan matakin ina ba shi muhimmanci ƙwarai, saboda wanda ya riga ya san amsar da ake so, hannunsa kan karkata zuwa gare ta ba tare da ya sani ba. Na ninka kowane ɓangare da kansa domin in kawar da alamar √, sai na sami x + 7 = x² − 10x + 25. Da na tattara komai gefe guda, ya zama x² − 11x + 18 = 0, wato (x − 2)(x − 9) = 0. A nan ne 2 da 9 suke fitowa, kuma har zuwa wannan layin babu saɓani tsakanina da kwamiti da ɗalibar.

Sai na mayar da kowace lamba cikin tambayar ta asali, ba cikin layin da na samo daga baya ba, domin tambayar da aka buga ce kaɗai take da ikon raba gardama. Idan x ya zama 9, ɓangaren hagu √16 ne, wato 4, na dama kuma 9 − 5, wato 4. Sun yi daidai. Idan x ya zama 2, hagu √9 ne, wato 3, dama kuwa 2 − 5, wato −3. Uku da ke sama da sifili da uku da ke ƙasa da shi ba abu ɗaya ba ne, saboda haka 2 ta faɗi.

Wannan ya ishe ni in gamsu, amma bai isa in gamsar da wani ba. Na lura cewa mutum ba ya sakin amsar da take ɗauke da sunan kwamiti sai an nuna masa ainihin layin da kuskuren ya shigo da dalilin shigowarsa. A wannan tambaya ƙofar ita ce ninka kowane ɓangare da kansa. 3 da −3 sun bambanta, amma idan aka ninka kowace da kanta, 9 ake samu a duka biyun, don haka wannan mataki yana share bambancin alama. Sakamakonsa shi ne layin x² − 11x + 18 = 0 yana ɗauke da amsoshin tambayoyi biyu: tamu, da kuma wata da ba a yi ba, wato −√(x + 7) = x − 5. Lambar 2 amsar waccan ce, domin a can −3 ake samu hagu da dama. Mai shirya takardar ya tsaya ne a inda lambobin suka fito, bai koma ya gwada su ba.

Da na kai wa shugaban sashenmu, dattijo ne da ya daɗe a aikin, ya duba ya ce, "To Malam, ai √9 yana iya zama 3 ko −3." Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a iya kare takardar da ita, kuma ta cancanci amsa ta nutsuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne x² = 9 yana da amsa biyu, amma ita alamar √ a ƙa'idar lissafi lamba ɗaya take nufi, wadda ba ta ƙasa da sifili. Shi ya sa idan ana son biyun ake rubuta ± a gabanta, kamar yadda muke koya wa yara su rubuta ±√(b² − 4ac). Da a ce alamar tana ɗauke da biyun da kanta, da ba a buƙaci ± ɗin ba." Sannan na ƙara hujja ta biyu wadda ta ginu a kan ta farko: tunda hagu ba ya sauka ƙasa da sifili, dole x − 5 ma kada ya sauka, wato dole x ya kai 5 ko ya wuce, kuma 2 ba ta kai ba. Ya ɗauki biro ya gwada da kansa, ya amince.

Ba kowane saɓani ne yake ƙarewa haka ba. Wani lokaci babu mai kuskure, siffar amsa ce ta bambanta: ɗalibi ya rubuta 1/√2, takarda ta ce √2/2, alhali lamba ɗaya ce. Haka nan faɗin filin da'ira mai nisan santimita 7 daga tsakiya zuwa baki yana ba da 154 ga wanda ya ɗauki π a matsayin 22/7, da kusan 153.96 ga wanda ya ɗauki 3.142, a nan sai a koma a ga wanne tambayar ta umarta. Wani lokaci kuma yara da yawa sukan haɗu a kan amsa ɗaya da ta saɓa wa takarda, kuma dukkansu su yi kuskure. A tambayar motar da ta tafi da gudun kilomita 60 a awa ta dawo da 40, akasarin aji sukan ce matsakaicin gudunta 50 ne, takarda ta ce 48. Idan aka ɗauki tafiyar kilomita 120 ce, zuwa awa 2, dawowa awa 3, jimla kilomita 240 cikin awa 5, sai a ga 48 ɗin ce daidai. Yawan masu amsa ɗaya yana sa in sake dubawa, amma ba na ɗaukarsa hujja, kamar yadda ban ɗauki ƙwazon waccan ɗaliba hujja ba.

Bayanin da muka aika wa kwamitin shafi ɗaya ne: tambayar kamar yadda aka buga ta, amsar takarda, gwajin lambobin biyu, layin da 2 ta shigo ta cikinsa, da shawarar gyara. Ban sa sunan yarinyar ba, ban kuma tambayi wanda ya shirya takardar ba, domin da zarar magana ta koma kan mutum, sai a bar lissafi a shiga kare mutunci. Kwamitin ya gyara: makin hanya ya tsaya ga duk wanda ya samo 2 da 9, makin ƙarshe kuwa sai wanda ya gwada ya fitar da 2. Tunda ba a riga an raba wa yara takardunsu ba, na sake bin na ajin gaba ɗaya a kan wannan tambaya, aka kuma sanar da sauran makarantu su yi haka, don kada a auna yara da mudu biyu. Ranar da muka yi gyara a aji, na sa ɗalibar ta fito gaban allo ta mayar da 2 cikin tambayar, sauran suna bi a littattafansu har kowa ya ga 3 a hagu da −3 a dama.