Karen da ke haushi da zabura a kan igiya: yadda muke gyara shi daga nesa

A cikin ayyukan da ake kawo mana a ɗan kamfaninmu na horar da karnuka, wannan ne ya fi yawa. Kare ne mai hankali a gida, amma da an sa masa igiya an fita, ya hango wani kare, sai ya birkice: haushi, miƙewa kan ƙafafun baya, fizgar igiya har kafaɗar mai riƙe da shi ta yi tsami. Masu shi kan ce mugunta ce ko taurin kai. Galibi tsoro ne. Wani lokaci kuma takaici ne, karen yana son zuwa wajen ɗan'uwansa, igiya ta hana shi.

Karnuka biyu da ke sake ba sa tunkarar juna gaba da gaba. Kewayawa suke yi, su sunsuni juna, wanda bai gamsu ba ya kama gabansa. Igiya da ƙuncin hanya sun cire wannan zaɓi. Sai mai tsoron ya yi haushi, ɗayan karen kuwa ya wuce, don dama wucewa zai yi. A wajen naka, haushinsa ne ya kore shi. Kowace fita da hakan ya faru, ɗabi'ar ƙara kafuwa take yi. Shi ya sa abu na farko da muke roƙon mai kare shi ne ya daina bin hanyar da ake karo da karnuka, ko ya sauya lokacin fita, har sai aiki ya kankama.

Aikin kansa ya samo asali ne daga abin da Pavlov, masanin kimiyya ɗan Rasha, ya nuna a kan karnuka fiye da shekara ɗari da suka wuce: idan abu ɗaya yana zuwa kullum kafin abinci, kare zai fara jin wannan abin kamar albishir. Mu kuma so muke ganin baƙon kare ya zama wannan albishir ɗin. Naman da muke bayarwa a nan ba ladan ladabi ba ne. Ba ma cewa karen ya zauna, ba ma jiran ya yi shiru ko ya kalle mu. Ya ga kare, nama ya zo. Karen ya ɓace, nama ya tsaya. Idan abin da yake ji a ransa ya sauya, haushin zai ragu da kansa, don dalilinsa ya kau.

Sai dai wannan ba ya kamawa sai daga nesa. Kowane kare yana da iyakarsa, tazarar da idan baƙon kare ya ƙetare ta hankalinsa ya tashi. Wani mita 10 ne, wani 30, akwai wanda sai ya yi tsawon filin ƙwallo. Wurin aikinmu shi ne bayan wannan iyaka, inda karen ya ga ɗayan sarai, ya san yana nan, amma har yanzu yana iya ci, yana iya juyowa idan an kira sunansa. In ka yi nisa da yawa har bai lura ba, ciyarwa kawai kake yi. In ka matsa da yawa, tsoro ya riga ya cika shi, babu abin da zai shiga kansa.

Haushi shi ne alama ta ƙarshe, kuma wanda ke jiran haushi kafin ya ja baya ya makara. Kafin nan baki yakan rufe, bayan da yana buɗe yana haki a sake. Jiki ya sandare, nauyi ya koma kan ƙafafun gaba, kunnuwa su miƙe, wutsiya ta ɗaga ta tsaya cak, ido ya kafe a wuri ɗaya fiye da daƙiƙa biyu ko uku. Alamar da na fi yarda da ita tana hannunka: karen da ke karɓar nama a hankali, in ya fara wafta har haƙoransa na taɓa yatsunka, ya kusa iyaka. In ya ƙi karɓa sam, ya wuce ta. Kada a ruɗu da kaɗa wutsiya, kare na iya kaɗa ta yana shirin kai cizo.

Kayan aikin ba su da yawa. Ɗamarar ƙirji mai zobe a gaba, domin idan ya zabura jikinsa ya juyo gefe kuma maƙogwaronsa ya tsira. Igiya ta mita 2 zuwa 3, wadda ba ta naɗe kanta, don mai naɗe kanta kullum a ɗame take kuma tana yankan hannu. Jaka a ƙugu, a bayan jiki in da hali. Nama dafaffe marar gishiri da ƙashi, a yanka ƙanana kamar farcen ƙaramin yatsa, gutsure 50 zuwa 80 don zama ɗaya. Ya zama abin da ba ya samu a ko'ina sai a nan, kuma a rage masa abincin ranar don kada ya yi ƙiba. Sarƙar shaƙe wuya da abin wuya mai ƙayoyi ba ma amfani da su. Karen da ke jin zafi a wuya duk lokacin da ya ga ɗan'uwansa yana koyon akasin abin da muke koya masa. Yana iya yin shiru don gudun zafin, amma tsoron na nan, kuma karen da aka hana gurnani shi ne ke cizo ba gargaɗi.

A ɗauki misalin karya mai shekara biyu da ke fara sandarewa a mita 30, ta yi haushi a mita 20. Za mu fara a mita 40, a fili buɗaɗɗe. Muna buƙatar mutum na biyu da natsattsen kare wanda ba ya ramawa, da wani abin ɓuya kamar mota ko katanga. Mataimakin ya fito da karensa daga bayan motar, gefen jikin karen na fuskantarmu. Mai riƙe da karyar ya tsaya, igiya a sake, hannu nesa da jaka. Ya jira ta ga baƙon karen. Da zarar kan karyar ya juya wajensa, cikin daƙiƙa ɗaya, sai hannu ya shiga jaka, a ba ta gutsure bayan gutsure ba tsayawa. Bayan daƙiƙa biyar mataimakin ya koma bayan motar, nama ya tsaya nan take. A huta rabin minti ko minti ɗaya, a riƙa bambanta tsawon hutun don kada ta haddace lokaci, sannan a sake. Sau 10 zuwa 15 ya isa, duka zaman bai wuce minti 15 ba. Zama uku ko huɗu a mako sun fi doguwar rana ɗaya amfani.

A nan ne yawancin mutane ke ɓata aikin, kuma kuskuren na daƙiƙa ɗaya ne. Mai kare ya fi karensa tsayi, shi ke fara hango baƙon. Gabansa ya faɗi, ya ɗame igiya, ya zura hannu a jaka, ya tura wa karyar nama a baki kafin ta ga komai. Ya juya tsarin ke nan: yanzu nama ne ke sanar da zuwan abin tsoro. Bayan mako biyu za ka ga karyar da aka miƙa mata nama a waje ta ƙi karɓa, ta hau waige-waige tana neman inda karen yake. Haka ma mai amfani da nama don ɗauke mata hankali, yana kare mata ido har baƙon ya wuce. Wannan dabarar tsira ce, tana da ranarta, amma ba ta koyar da komai.

Abin da muke jira shi ne wata 'yar juyowa. Karyar ta ga baƙon, sai ta waiwayo ta kalli mai ita da sakakkiyar fuska, kamar mai cewa ina nawa. Wasu kan yi haka a zaman farko, wasu sai na biyar. Idan ta yi hakan sau takwas cikin goma, a zama biyu a jere, sai mu ƙara wahala. Abubuwa uku ake iya ƙarawa: kusanci, daɗewar baƙon a fili, da yanayinsa, wato tsaye yake, tafiya yake, ko ya fuskanto ta. Ɗaya ake taɓawa a lokaci guda. Ni nakan fara da daɗewa, daga daƙiƙa 5 zuwa 10 zuwa 20, sannan motsi, sannan in rage mita 2 ko 3. Duk ranar da baƙon zai fara fuskantar ta kai tsaye, mukan koma baya da mita 10, don tunkara ido da ido ita ce mafi wuya. Haka in an sauya kare ko an sauya wuri. Karyar da ta saba da farin kare ɗaya a fili ɗaya ba ta koyi komai game da baƙin kare a lungu ba, sai an maimaita da karnuka daban-daban.

In ta fashe da haushi a tsakiyar aiki, tazarar ce ta yi kaɗan. Ba tsawa, ba fizga. A kira ta da murya mai daɗi, a juya a tafi har inda za ta iya ci. Wannan juyowar gaggawa a gida ake koyar da ita tun da wuri, da kalma ɗaya da nama, har ta zama wasa. Idan ta fashe sau biyu a zama ɗaya, a tashi. Kuma a sani iyakar ba ta tsaya wuri ɗaya. Karyar da jiya ta jure mita 15, yau tana iya birkicewa a 25 saboda an yi baƙi a gida, ko an yi tsawa da dare, ko ta yi karo da kare da safe. Tashin hankali taruwa yake yi. Bayan mummunan karo mukan ba ta kwana ɗaya ko biyu ba tare da ganin kare ba.

Mai takaici, wanda zuwa yake son yi, ana gane shi da kukan shagwaɓa a cikin haushinsa, kuma in an sake shi yana wasa da karnuka lafiya. Tsarin ɗaya ne, sai dai shi dole a daina barinsa yana gaisawa da karnuka a kan igiya, don gaisuwa ɗaya da ya samu bayan ja ta isa ta rusa aikin mako.

Kafin mu karɓi kowane kare mukan ce a kai shi wajen likitan dabbobi, musamman wanda ya fara wannan hali kwatsam bayan ya girma. Ciwon ƙugu, na baya ko na kunne kan sa kare ƙin kusantar wasu, kuma nama ba ya maganin ciwo. Wanda ya taɓa cizo sai an saba masa da takunkumi mai raga, wanda yake iya haki da karɓar nama ta cikinsa, kafin a fita. Wanda babu tazarar da yake iya ci a waje, ko da ba kare a kusa, shi ma na likita ne, wataƙila sai an haɗa da maganin rage fargaba. Sauran kuwa mukan gaya wa masu su cewa aikin na watanni ne, kuma abin da muke nema shi ne karen ya wuce ɗan'uwansa daga ɗaya gefen titi yana kallon mai shi. Wasa da baƙin karnuka ba ya cikin alkawarinmu.