Kallo ɗaya da ban yi ba ya kayar da ni a jarrabawar tuƙi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙi tsakanin Kaduna da Zariya kafin karatu ya kawo ni Sheffield. Lasisin gida wata 12 kawai ake bari mutum ya yi tuƙi da shi a Birtaniya, daga nan sai ya zauna jarrabawarsu. Na shiga motar ran nan hankalina kwance, na fito da takardar faɗuwa a hannu.

Kurakurai a nan kashi uku ne: ƙaramin kuskure, babban kuskure, da mai haɗari. Ana yafe ƙanana har 15, na 16 ne ke kayar da mutum. Amma babba ko mai haɗari, ɗaya tak ya isa. Ni ƙanana uku na yi a tuƙin kusan minti 40, sai babba guda.

Mai jarrabawar ya sa na tsaya a wani layi, ya nuna wata jar mota a gefen hagu, ya ce in yi ribas in yi fakin a bayanta. Abin da ake so shi ne ka gama cikin tazarar da ba ta wuce tsawon mota biyu ba, kusa da dakalin gefen titi, kana miƙe da shi. Na jera da jar motar, na duba ko'ina, na sa ribas, na fara ja baya a hankali da kuloci. Da bayan motata ya zo daidai da nata, na karya sitiyari hagu. A nan na yi ɓarnar. Idan ka karya hagu kana ribas, hancin motarka dama yake fita, cikin titi. Kafin ka karya dole ka waiwaya ta kafaɗar dama. Ni kuwa idona na kan madubin hagu, ina auna taya da dakali. Wani mai keke ya taho ta baya, sai da ya rage gudu ya kauce wa hancin motata. Ban gan shi ba sai da ya wuce.

Motar ta shiga tsaf, ko gyara ban yi ba. Da muka dawo, mutumin ya bayyana mini cewa fakin gida biyu gare shi a takarda, sarrafa mota da kuma lura da hanya. Na farko ba shi da abin cewa, a na biyun ya sa mini babban kuskure. Har yau yadda ya faɗa, bai ko ɗago ya dube ni ba, yana yi mini ciwo. Amma hukuncin daidai ne, na sa wani ya canja hanya saboda ni.

Abin da ya fi ƙona mini rai, abin da nake tsoro ba shi ne ke kayarwa ba. Da taya ta ɗan goga dakali, yawanci ƙaramin kuskure ne, hawa kansa ne babba. Da na shiga a karkace, an yarda in ja gaba in gyara, muddin na sake dubawa kafin in motsa. Da ma na taka birki na jira mai keken ya wuce, da babu abin da za a rubuta.

Tashi a kan tudu, wanda kowa ke tsorata ni da shi don garin nan hawa da gangara ne, bai ba ni wahala ba. Birkin hannu a ɗaure, giya ɗaya, ɗan totur, ka sassauta kuloci har ka ji motar ta ɗan ɗaga gaba tana neman tafiya, ka duba madubi da kafaɗa, sannan ka saki birkin. Ɗan zamewa baya ko mutuwar mota sau ɗaya ƙaramin kuskure ne, sai in ka gangara wa wani ko abin ya yi ta maimaituwa.

Wani ribas ɗin da za su iya ba ka shi ne ka tsaya a gefen dama, ka ja baya tsawon mota biyu. Shi ma lura da hanya suke bi.

Doka ta ce sai bayan kwana 10 na aiki ake sakewa, ni sai da na yi wata biyu kafin in sami gurbi. A karo na biyu fakin ɗin dai aka sake ba ni. Sau biyu na tsaya cak a tsakiya don motoci su wuce, na gyara sau ɗaya. Na ci da ƙananan kurakurai biyu, babu ko ɗaya a gidan fakin.