Sayar wa banki takardar alkawarin biya kafin wa'adi: nawa ke shiga hannu

Ɗan kasuwa a Tawa ya ba wani ɗan kwangila siminti da ƙarfen gini na sefa miliyan 6 bashi, ranar 10 ga Maris. Sun shirya a kan kwana 120, da ruwa kashi 9 cikin ɗari a shekara, ɗan kwangilar kuma ya sa hannu a takardar alkawarin biya. Ana cikin haka mota ta taso da sabon kaya daga Kwatano, kuɗi ya yanke wa mai siminti, sai ya ɗauki takardar ya kai banki ranar 24 ga Afrilu don a ba shi kuɗi nan take. Wannan ciniki shi ma'aikatan banki ke kira eskwant: banki ya karɓi takardar, ya zaftare nasa tun farko, ya ba da saura, shi kuma ya jira ranar biya. Abin da aikin lissafin irin waɗannan takardu ke koya wa mutum shi ne, rarraba da ninkawa ba su cika kayar da kowa ba. Inda ake faɗuwa shi ne wajen sanin wane kuɗi ake zaftarewa a kansa, da kuma waɗanne kwanaki ake ƙirgawa.

Banki bai damu da miliyan 6 da aka fara da su ba. Idonsa na kan abin da zai karɓa ranar wa'adi. Saboda haka sai an fara fitar da wannan adadi. Ruwan kwana 120 shi ne 6,000,000 sau 0.09 sau 120, a raba da 360, ya ba da 180,000. Ranar biya ke nan takardar ta kai 6,180,000. Ana raba wa 360 ne domin shekarar kasuwanci da aka saba aiki da ita a irin wannan lissafi kwana 360 ce, duk da cewa kwanakin takardar kansu a kan kalandar gaskiya ake ƙirga su.

Akwai abin da littafin makaranta ba ya cika faɗa a nan. Dokar da ta shafi waɗannan takardu a ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu aiki da sefa, wato doka mai lamba 15 ta shekarar 2002, tana ɗaukar sharaɗin ruwa tamkar ba a rubuta shi ba idan takardar tana da tsayayyar ranar biya. Ma'ana in aka rubuta miliyan 6, a ƙasa aka ƙara "da ruwa kashi 9", miliyan 6 kaɗai takardar ke ɗauke da su. Wanda ya san aiki yakan haɗa uwar kuɗi da ruwan tun farko ya sa a rubuta 6,180,000, da lambobi da haruffa. Mu ɗauka haka mai simintinmu ya yi.

Sai kwanaki. Daga 10 ga Maris saura kwana 21 watan ya ƙare. A ɗora 30 na Afrilu, 31 na Mayu, 30 na Yuni, an sami 112. Saura 8, wa'adi ya faɗo 8 ga Yuli. Ranar da aka fara ba a sa ta a ƙirga, ranar ƙarshe kuwa ana sa ta. Mutane da yawa kan ce ai kwana 120 wata huɗu ne, su rubuta 10 ga Yuli, alhali wannan kwana 122 ne.

Kwanakin da banki ke cajin mutum a kansu su ne waɗanda shi bankin zai yi yana jira, daga ranar da ya saki kuɗinsa zuwa ranar wa'adi. Daga 24 ga Afrilu: 6 na ragowar Afrilu, 31, 30, da 8 na Yuli, kwana 75. Sauran 45 da takardar ta yi a aljihun mai ita ba ruwan banki da su. Hanya mafi sauƙi ta gane ko an yi daidai ita ce a haɗa biyun, 45 da 75, dole su koma 120.

A ce bankin yana zaftare kashi 12 cikin ɗari a shekara.

```
6,180,000 × 0.12 × 75 ÷ 360 = 154,500
6,180,000 − 154,500 = 6,025,500
```

Banki ya riƙe jika 154 da rabi, mai siminti ya tashi da 6,025,500 kafin a cire kamasho da haraji.

Na fi son a fara fitar da kuɗin kwana ɗaya, domin shi ke tona kowane kuskure. A wannan takarda kowane kwana 2,060 yake ci. In takardar lissafin da banki ya miƙo ta bambanta da lissafinka da 2,060 ko 4,120 cif, to kwana ɗaya ko biyu ne suka shiga tsakani, ko dai wajen ƙirga, ko kuma bankin ya ƙara kwanakinsa na al'ada a kan wa'adi, abin da ya kamata a tambaya tun kafin sa hannu. In bambancin 4,500 ne, ka yi lissafi a kan miliyan 6 maimakon 6,180,000. In ka sami 92,700, kwana 45 ka ɗauka a madadin 75. Wanda kuma ya raba da 365 zai sami kusan 152,384, ya yi ta neman jika biyu da ƴan kai da ba su ɓata ba.

Kashi 12 ɗin nan ma ba shi ne ainihin tsadar kuɗin ba. An lissafa shi a kan 6,180,000, amma abin da mutum ya amfana da shi 6,025,500 ne. In aka raba 154,500 da abin da ya shiga hannu, aka mayar da shi na shekara, ya kama kashi 12.31. Tazarar kaɗan ce a kwana 75, amma tana ƙaruwa in wa'adi ya yi nisa, kamasho da haraji kuma su ƙara tura ta sama. Shi ya sa bai dace a jera wannan 12 da 12 na bashin da ake biyan ruwansa a ƙarshe a ce ɗaya suke ba.

Abin da ya fi ba ƴan kasuwa mamaki shi ne ribar da ta rage. Mai siminti yana ganin ya jira kwana 45 a kan kashi 9, ya kamata ya sami 67,500. Abin da ya samu a kan miliyan shidansa 25,500 ne kawai, wato kamar kashi 3.4 a shekara. Dalili kuwa banki na cin 2,060 a kwana, takardar tana haifar 1,500. Da ya yi gaggawa ya kai ta ranar 11 ga Afrilu, saura kwana 88, da an zaftare 181,280, ya karɓi 5,998,720, ya ci uwar kuɗinsa. Duk ranar da ya iya daurewa bai kai ta ba, jika biyu da dala goma sha biyu ne suka tsira. Wannan ba ya nufin sayarwar wauta ce. In kayan da ke kan hanya za su kawo ribar da ta haura abin da aka zaftare, ciniki ya yi. Wasu kuma saboda batun riba ba sa kusantar harkar gaba ɗaya, wannan magana ce ta daban.

Sa hannun da mai siminti ya yi a bayan takardar lokacin miƙa ta bai raba shi da ita ba. In 8 ga Yuli ta zo ɗan kwangila bai biya ba, banki na da ikon komowa kansa, kuma cikakken 6,180,000 zai nema, haɗe da kuɗin da ya kashe wajen bin bashin, ba 6,025,500 da ya bayar ba. Galibi daga asusunsa za a cire kai tsaye. Don haka kafin banki ya karɓi takarda yakan duba mutum biyu, wanda ya rubuta ta da wanda ya kawo ta, kuma yakan yanka wa kowane abokin hulɗa iyakar kuɗin takardun da zai iya kawowa a lokaci ɗaya.