Kuɗin Baba, kwana 28, da takardar bankin da na kai neman bizar karatu

A shekarar 2025 na nemi bizar karatu ta Birtaniya domin digiri na biyu a wata jami'a da ke wajen Landan. A cikin duk takardun da aka nema, ba wadda ta cinye mini lokaci kamar takardar bayanan asusun banki, wadda kowa ke ce wa sitatimen. Ba wai kuɗin ne babu ba. Akwai su, amma suna cikin hatsi da bashi da asusun kasuwanci, su kuwa jami'an biza suna so su gan su zaune a asusun banki, na tsawon lokacin da suka ƙayyade.

Lissafin ba shi da wuya. Jami'a tana ba ka wata lamba da ake kira CAS, a cikinta an rubuta kuɗin makarantarka na shekarar farko da abin da ka riga ka biya. Nawa fam 16,000 ne, na biya 4,000, saura 12,000. Sai kuɗin ci da sha da masauki, wanda a lokacin fam 1,136 ne duk wata ga mai karatu a wajen Landan, har wata tara, wato fam 10,224. Gaba ɗaya sai in nuna fam 22,224. Adadin nan yana canzawa, don haka mai nema ya duba na ranar da zai cike takardunsa.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne sharaɗin kwana 28. Dole kuɗin su kwana 28 a jere a cikin asusu ba tare da sun yi ƙasa da adadin ba ko sau ɗaya. Sannan ranar ƙarshe da ke kan sitatimen kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka miƙa takardar neman biza a intanet. Jami'i ba abin da ya rage a ƙarshen shafi kaɗai yake kallo ba. Layi-layi yake bi yana neman ranar da kuɗin suka fi yin ƙasa. In ranar nan ta gaza, ko da washegari an mayar har da ƙari, sai dai a sake ƙirga daga farko.

Wannan ne ya yi wa Baba nauyi. Shi ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, kuɗi ba sa kwana a hannunsa. Da na yi masa bayani ya ce, "Wato kai kana so in ɗaure kuɗi wata guda cur, ana sauke masara a gabana ina kallo?" Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ko sisi aka taɓa har ya yi ƙasa, aikin ya lalace." Ya yi shiru, ya ce to Allah Ya sa albarka. Muka kwashe kuɗin daga asusun shagon, wanda ke da sunan kamfani, muka mayar asusunsa na kansa, domin asusun kamfani ba ya shiga wannan lissafi.

Baffana ya so a yi amfani da nasa asusun, tunda ya fi kwanciya. A wurinmu baffa uba ne, amma a dokarsu ba haka ba ne. Suna karɓar kuɗin ɗalibi, ko na mahaifi ko mahaifiya, ko na wanda kotu ta ba riƙonka. In na iyaye ne kuma, sai ka haɗa da takardar haihuwa mai ɗauke da sunansu, da wasiƙar da suka sa wa hannu cewa sun yarda ka yi amfani da kuɗin. Ni sai da na tabbatar sunan Baba a takardar haihuwata ya yi daidai da na banki harafi da harafi, don Muhammad da Mohammed kan jawo tambaya.

Sai batun canji. Kuɗinmu naira ne, su kuma suna juya su zuwa fam da farashin shafin OANDA na ranar da ka miƙa takarda, ba na ranar da ka zuba ba, ba kuma na 'yan canjin Wapa ba. A lokacin fam yana naira dubu biyu da ɗoriya, abin da ake buƙata ya haura miliyan 45. Muka ajiye miliyan 48, saboda naira na iya zamewa a cikin watan ta bar ka da giɓi alhali ba ka taɓa komai ba.

Ana cikin haka wani ejan ya ce mini wahalar banza muke sha. Wai in kawo sitatimen ɗina na gaskiya, su "gyara" shi a kwamfuta. Na ƙi, kuma daga baya da na zauna da takardar Baba ina bin ta da alƙalami na ga dalilin da ya sa irin wannan gyara yake tona kansa.

Sitatimen ba adadi ɗaya ba ne. Kowane layi yana ɗaure da na samansa: abin da ya rage jiya, a haɗa da abin da ya shigo, a cire abin da ya fita, shi ne ragowar yau. Wanda ya ƙara sifili a wuri ɗaya sai ya sake duk layukan da ke ƙasa, da jimillar shiga da fita da ke saman shafi. Ga kuma ƙananan abubuwan da banki ke yi da kansa. A takardar Baba, duk kuɗin da aka turo daga naira 10,000 zuwa sama, sai ka ga an cire harajin naira 50 a bayansa, ga kuɗin saƙon alat, ga 'yan kwabbai a ƙarshen kowane adadi. Kuɗin da aka ƙirƙira a kwamfuta ba su da wannan sawu. Fayil ɗin ma da kansa yakan ajiye bayanin manhajar da aka buɗe shi da ita da ranar da aka taɓa shi.

Amma ko da mai gyaran gwani ne ya daidaita duk wannan, akwai abin da ba ya hannunsa. Jami'an biza suna da ikon tuntuɓar bankin kai tsaye su tambaya ko takardar nan ta yi daidai da abin da ke rumbunsu. Shi ya sa ba sa karɓar takardar cibiyar kuɗin da ba za su iya tantancewa ba. Banki kuwa abin da ke kwamfutarsa zai faɗa. Hatimi da sa hannun da ejan ke tinƙaho da su ba su da wani amfani a nan.

Hukuncin kuma ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan ne nake ganin mutane ba sa aunawa. Wanda kuɗinsa suka gaza, an hana shi bizar, ya yi asarar kuɗin nema, amma yana iya gyarawa ya sake. Wanda aka samu da yaudara kuwa, haramcin shekara 10 ne a kansa. Kusan duk fom ɗin biza na wata ƙasa da zai cike nan gaba zai tambaye shi ko an taɓa hana shi, ga kuma zanen yatsunsa da aka riga aka ɗauka. Cewa ejan ne ya yi da wuya ta fitar da mutum, tunda shi ya amince a ƙarshen fom cewa duk abin da ya miƙa gaskiya ne.

Akwai kuma masu ba da hayar kuɗi, su zuba maka na wata guda su kwashe. Takardar ta gaskiya ce, banki zai tabbatar da ita, amma ana iya kiran ɗalibi hira a tambaye shi daga ina kuɗin suka fito. Ni na haɗa sitatimen na asusun shagon da ke nuna fitar kuɗin a rana ɗaya da shigarsu asusun Baba. Da kwanakin suka cika na karɓo takardar a reshen banki, na miƙa nema a makon. Bizar ta fito, Baba ya koma sayen hatsinsa da abin da ya rage bayan an biya makaranta.